Idan maganar da ta kawo ka tana layin ƙarshe: yadda ake sāke gina rubutu

Ƙanina shi ne sakataren kwamitin unguwarsu. Da injin burtsatsensu ya ƙone, ya zauna ya tsara sanarwa ya tura wa masu gidaje ta waya. Bayan kwana uku gida huɗu kacal suka kawo kuɗi a cikin gida 64. Ya kira ni ransa a ɓace, ya ce, "Yaya, mutanen nan ba su da kirki, kowa ya gani amma ya yi gum." Na ce ya turo mini in gani. Ga abin da ya rubuta, na sa wa jimlolin lamba ne don mu ji daɗin aiki da su:

1. Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayenmu da yayyenmu da ƙannenmu mazauna wannan unguwa mai albarka.
2. Da fatan kowa ya tashi lafiya, ya iyali, ya haƙuri da zafi.
3. Kamar yadda kowa ya sani, shekara shida ke nan da haƙa mana wannan burtsatse, kuma tun daga lokacin ba mu taɓa rasa ruwa na tsawon mako ba.
4. Muna godiya ga duk waɗanda suka ba da gudummawa a wancan lokaci, Allah ya saka da alheri.
5. To, a ranar Asabar da ta wuce ne aka wayi gari ruwa bai hau tanki ba.
6. Da farko mun zaci matsalar wuta ce, sai muka kira mai gyara ya duba.
7. Bayan ya fito da injin sai ya tabbatar mana ya ƙone, kuma ba zai gyaru ba.
8. Kwamiti ya zauna har sau biyu, wasu suka ce a nemi taimakon masu hali, wasu suka ce a jira.
9. An kuma tura mutum biyu kasuwa suka jiyo farashi: sabon inji naira 260,000, bututu da waya 20,000, kuɗin aiki 40,000.
10. Mun san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, kuma ba da son ranmu muke ɗora wa kowa nauyi ba.
11. Allah ya hore mana, ya ba mu ikon taimakon juna.
12. Saboda haka ake roƙon kowane gida ya kawo naira 5,000 wurin ma'aji kafin ranar Juma'a. Na gode.

Babu ƙarya a ciki, babu rashin ladabi, Hausar ma tsaf take. Amma mai gidan da ya ɗauki waya yana kan babur ko yana tsakiyar ciniki, abin da ya faɗo masa a fuskar waya sallama ce da gaisuwa. Idan ya buɗe, WhatsApp yakan gutsure dogon saƙo ya bar maka `Read more` ka danna in kana son sauran. Wanda ya yi haƙuri ya kai jimla ta biyar sai ya ce a ransa, "A'a, ai na san burtsatse ta lalace, ni ma 'yan garuwa nake saya," ya ajiye wayar. Bai ƙi biya ba. Bai ma san an ce ya biya ba.

Me ya sa muke rubutu haka

Ƙanina ya rubuta abin ne yadda ya faru da shi. Ruwa ya tsaya, aka kira mai gyara, aka yi zama, aka je kasuwa, sannan aka yanke shawara. Shawarar ita ce ta zo ƙarshe a rayuwarsa, shi ya sa ta zo ƙarshe a takarda. Ga kuma kunya: mutum yana jin nauyin ya buɗe baki da maganar kuɗi a gaban iyayensa, sai ya yi ta shimfiɗa. A zaure wannan shimfiɗar tana aiki, domin baƙon da ka zaunar a tabarma ba zai miƙe ya tafi kana tsakiyar magana ba. Mai karatu kuwa yana tafiya ba sallama, kai ba ka sani ba.

Kada kuma wani ya ce fara magana da kanta baƙuwar ɗabi'a ce. Mai shela idan ya fito, "Sarki ya gaishe ku" yake cewa, jimla ɗaya, sai ya faɗi umarnin: gobe kowa ya fito aikin gayya, ko kada a saki dabbobi. Ya san masu wucewa yake yi wa magana. 'Yan jarida ma haka suke gina labari, suna kiran tsarin dala a kife: mafi nauyi a sama, mai bi masa a ƙasa, har zuwa abin da in an yar ba a yi asara ba. A zamanin da ake jera haruffan ɗab'i, idan labari ya fi gurbin da aka ware masa a shafi, daga ƙasa edita yake yankewa, don haka wanda ya ɓoye maganarsa a gindi ya yi asararta. Yau mai karatu ne editan, kuma shi ma daga ƙasa yake yankewa.

Mataki na farko: gano maganar

Ajiye rubutun, ka ɗauka wanda za ka aika wa ya tare ka a bakin masallaci yana sauri, ya ce, "Me ake ciki?" Abin da za ka faɗa masa kafin ya sa takalmi shi ne maganarka. Da na yi wa ƙanina wannan tambaya bai yi jinkiri ba: "Kowane gida ya kawo dubu biyar kafin Juma'a." Sai na ce ya nemo wannan a rubutunsa ya ga a lamba nawa take.

Akwai kalmomin da ke tona asirin inda aka binne magana. Duba inda ka rubuta "saboda haka", ko "a taƙaice dai", ko "abin da nake so in ce shi ne", ko "daga ƙarshe". Sau da yawa abin da ya biyo bayansu shi ne dalilin rubutun gaba ɗaya. Wasiƙun da aka koya mana a firamare ma suna da irin wannan alama, "dalilin rubuto maka wannan wasiƙa shi ne", sai dai ita malamai sun sa ta nan da nan bayan gaisuwa, mu ne muka riƙa ja da ita ƙasa.

A kula da tarko ɗaya a nan. Mutum yakan ɗauki abin da ya fi tayar masa da hankali a matsayin maganar. A wurin ƙanina, ƙonewar inji ita ce babban labari. Amma ƙonewar inji dalili ne, kuma kowa a unguwar ya riga ya san ruwa ya tsaya. Abin da ba su sani ba, wanda kuma ake so su tashi su yi, shi ne biyan kuɗin. Idan rubutu na neman aiki ne, aikin shi ne kan magana. Idan na sanar da hukunci ne, hukuncin. Idan tambaya ce, tambayar.

In kuwa ka yi ƙoƙarin faɗa a jimla ɗaya ka ga jimla biyu ke fitowa waɗanda ba su da haɗi, misali kuɗin inji da kuma taron zaɓen sabon kwamiti, to rubutu biyu ke hannunka. Raba su, ka aika ɗaya yau ɗaya gobe.

Mataki na biyu: kada ka ɗauko layin yadda yake

Nan ne yawancin masu gyara suke tuntuɓe, kuma nan ne ainihin aikin. Da na ce wa ƙanina ya kai jimla ta 12 sama, sai ya yanko ta ya manna bayan sallama. Ga abin da ya fito:

"Assalamu alaikum. Saboda haka ake roƙon kowane gida ya kawo naira 5,000 wurin ma'aji kafin ranar Juma'a."

Saboda me? Kuɗin me? Layin ƙarshe a jingine yake da jimla goma sha ɗaya da suka gabace shi. Ka janye su, sai ya faɗi kamar dangar da aka cire wa dirka. Dole a sāke gina shi ya tsaya da ƙafarsa, har wanda bai karanta komai ba sai shi kaɗai ya iya tashi ya yi abin da ake so.

Da farko cire kalmar haɗi. "Saboda haka" tana nuni ne zuwa baya, yanzu kuwa babu komai a bayanta. Sannan ka nemi duk kalmar da ke nuna wani abu da aka riga aka ambata: "wannan", "shi", "abin", "kamar yadda na ce". Kowacce a mayar mata da sunanta cikakke.

Bayan haka ka bi jimlar da tambayoyin da ɗan jarida yake bin labarinsa da su: wa, me, yaushe, a ina, don me. Ka amsa su daga cikin jimlar kawai, ba daga abin da ke kanka ba. Da muka yi haka ga abin da muka tarar. Wa zai biya? Kowane gida, amma gidan haya mai ɗaki takwas gida ɗaya ne ko takwas? Ba a faɗa ba. Nawa? An faɗa. Yaushe? "Kafin ranar Juma'a", to wace Juma'ar, kuma wanda ya kawo ranar Juma'ar da safe ya makara ke nan? A ina? "Wurin ma'aji", alhali rabin sababbin mazauna unguwar ba su san wane ne ma'aji ba, balle inda ake samunsa. Don me? Babu a jimlar sam.

Wannan shi ne abin da na fi lura da shi a irin wannan gyara: maganar da aka binne yawanci ba cikakkiya ba ce. Mai rubutu ya ƙarar da ƙarfinsa a shimfiɗa, ya iso ga ainihin maganar a gajiye, ko a kunyace, sai ya jefa ta da sauri ya ce "na gode". Ɗauko ta zuwa sama shi ke bayyana ramukan. Wasu ma ba a takarda za a cike su ba. Sai da ƙanina ya koma ya kira shugaban kwamiti ya tambayi batun gidajen haya, domin ashe ba a taɓa yanke shi a zaman ba. Aka ce ƙofa ake lissafi, mai gidan haya shi zai tattaro daga masu hayarsa.

Ga sabuwar jimlar:

"Ana roƙon kowane gida ya kawo naira 5,000 don sayen sabon injin burtsatsen unguwa, daga yau zuwa sallar Juma'a ta 14 ga wata. Ma'aji zai zauna a ƙofar masallaci kullum bayan la'asar har zuwa magariba, zai ba da rasit."

Ta zama jimla biyu, babu laifi. Ta farko ta ɗauki abin da za a yi da dalilinsa a taƙaice, ta biyu ta ɗauki yadda za a yi. In ka ga ta kai huɗu ko biyar, ka fara sabuwar shimfiɗa ke nan, rage.

Mataki na uku: jera sauran bisa tambayoyin mai karatu

Yanzu saura jimloli goma sha ɗaya, kuma tsohon jerinsu, na yadda abin ya faru, bai da amfani kuma. Sabon jeri yana bin abin da zai zo wa mai karatu a rai da zarar ya ga an ce ya kawo dubu biyar. Ka zauna a kujerarsa ka yi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya.

Ta farko ita ce, "Me ya sa har dubu biyar?" Amsar tana jimla ta 9, wadda take can ƙasa. Ita za ta hau ta zauna kusa da buƙatar. Amma ita ma da gyara: an jera farashi uku ba a tara su ba, ba a kuma nuna yadda aka kai ga dubu biyar ba. Jimilla naira 320,000 ce, a raba wa gida 64, kowanne ya tashi da 5,000. Wannan lissafin na layi ɗaya ya fi duk wani lallashi kwantar da hankalin mai biya, domin yana iya gwadawa da kansa ya ga babu rarar da za ta shige aljihun wani.

Ta biyu, "Ba a iya gyara tsohon ba?" Amsar tana jimla ta 7. Jimla ta 5 da ta 6 da ta 7 labari ne mai hawa uku, kuma hawa na ƙarshe kawai ake buƙata. Zaton da kwamiti ya yi cewa matsalar wuta ce ya riga ya wuce, babu wanda zai yi wani abu da shi. Sai a narkar da ukun su zama ɗaya.

Ta uku babu amsarta a tsohon rubutun ko kaɗan: "In mun biya yaushe ruwa zai dawo?" Wanda yake sayen ruwa kullum wannan ce ta fi damunsa. Aka tambayi mai gyara, ya ce in an sayo inji wuni ɗaya ya ishe shi. Aka ƙara.

Sauran kuma fa? Jimla ta 3, tarihin burtsatse, ta fara da "kamar yadda kowa ya sani", wato ita da kanta ta shaida ba a buƙatarta. A cire. Jimla ta 8 ta fi haɗari. Faɗin cewa wasu sun ce a nemi masu hali wasu sun ce a jira yana buɗe muhawarar da aka riga aka rufe, sai ka ga mutum ya amsa da "ni ma ina ganin a jira" maimakon ya kawo kuɗi. Abin da ya kamata a ɗauka daga cikinta kalma kaɗan ne: kwamiti ne ya yanke, ba sakatare ne ya ƙirƙiro ba.

Batun gaisuwa da ladabi

A nan muka yi ja-in-ja. Ya ce, "Yaya, in na fara da kuɗi dattawa za su ce ban da tarbiyya." Yana da gaskiya in da cewa na yi a jefar da sallama. Sallama tana nan a farko, layi ɗaya, kamar ta mai shela. Abin da ake matsarwa shi ne dogon tambayar lafiya da godiya da addu'a. Waɗannan ba a yar da su, wuri ake sauya musu, kuma ni a ganina sun fi daɗi a sabon wurin. "Mun san halin da ake ciki na tsadar rayuwa" idan ta zo kafin buƙata, mai karatu yana jin ana lallaɓa shi ne za a sa masa hannu a aljihu. Idan ta zo bayan ya ga adadin da lissafinsa, sai ta zama tausayawa ta gaske.

Ladabin kuma yana cikin kalmomin jimlar farkon kanta. "Ana roƙon kowane gida" daban yake da "dole kowane gida". Wurin da aka ajiye magana ba shi ke sa ta zama gatsau ba.

Ga rubutun bayan gyara:

"Assalamu alaikum, iyayenmu da 'yan'uwa mazauna unguwa.

Ana roƙon kowane gida ya kawo naira 5,000 don sayen sabon injin burtsatsen unguwa, daga yau zuwa sallar Juma'a ta 14 ga wata. Ma'aji zai zauna a ƙofar masallaci kullum bayan la'asar har zuwa magariba, zai ba da rasit. Gidan haya gida ɗaya ake lissafa shi, mai gida ne zai tattaro.

Ga yadda kwamiti ya kai ga wannan adadi: sabon inji naira 260,000, bututu da waya 20,000, kuɗin aiki 40,000. Jimilla 320,000, an raba wa gida 64.

Tsohon injin ya ƙone tun ranar Asabar, mai gyara ya fito da shi ya tabbatar ba zai gyaru ba. Idan kuɗi suka cika ranar Juma'a za a sayo inji Asabar, a sa shi Lahadi in sha Allahu.

Mun san halin da ake ciki na tsadar rayuwa, ba da son ranmu muke ɗora wa kowa nauyi ba. Allah ya hore mana, ya saka wa kowa da alheri."

Mataki na huɗu: gwada shi

Gwaji biyu ne, kuma dukansu ba sa cin minti biyar. Na farko, rufe sakin layi na ƙarshe da hannunka ka karanta. Saƙon ya isa? Rufe na biyun ƙarshe. Ci gaba da hawa sama har ya rage sallama da sakin layi ɗaya. A sabon rubutun, ko a nan mutum ya tsaya ya san nawa, yaushe, a ina, don me. A tsohon kuwa, rufe layi ɗaya tak ya kashe saƙon. In ka rufe wani sakin layi na ƙasa ka ga an rasa abin da ba a iya aiki sai da shi, to wannan abin wurinsa sama ne, ɗauko shi.

Na biyu, miƙa wa wanda bai san zancen ba, ka ba shi ɗan lokaci kamar na kurɓar shayi sau biyu, ka karɓe wayar, ka ce, "Me aka ce ka yi?" Kada ka tambaye shi ko rubutun ya yi kyau, kara zai yi maka. Idan ya amsa da "wai burtsatse ta lalace", har yanzu dalili ne a gaba, aikin yana ɓoye.

Wani abin da ke faruwa bayan gyara shi ne, hannu yakan yi ƙaiƙayin maimaita buƙatar a ƙasa, tun da gurbin da aka ciro ta ya zama fayau. A gajeren saƙo irin wannan bar shi haka. Maimaici yana da haɗarin kansa: gobe in aka ɗaga ranar, sai a gyara ta sama a manta ta ƙasa, saƙo ya fita da rana biyu. A dogon rubutu mai shafuka ne ake iya tunatarwa a ƙarshe, shi ma da adadi da rana iri ɗaya sak.

Inda ba a yin wannan gyara

Ba kowane layin ƙarshe mai nauyi ne binnanne ba. Tatsuniya da barkwanci da kacici-kacici daɗinsu yana jinkirin, wanda ya fara da ƙarshen ya ɓata su. Haka idan za ka sanar da mutum rasuwar mahaifinsa, ba ka jefa masa a layin farko na saƙo. Wannan ma kira ake yi, ko a je da ƙafa. Amma sanarwar jana'izar da za a aika wa jama'a ta koma ƙa'idar farko: bayan "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un", sai wanda ya rasu da lokacin sallah da wurinta, domin wanda ya gani a makare ya rasa ta.

Akwai kuma rubutun da kake son shawo kan wanda ka san yana adawa da ra'ayinka. Idan ka buɗe da hukuncin, yana iya toshe kunne kafin ya ji hujja. A nan ma ba a barinsa cikin duhu. Ka faɗa masa batun tun farko, "ina so mu yi magana a kan sayar da gonar gado", sannan ka jera hujjojinka, matsayinka ya zo daga baya. Ya san inda aka dosa, don haka ba zai ajiye a tsakiya yana zaton hira ce kawai ba.

Ƙanina ya sāke turawa ranar Talata da dare, da layi ɗaya a sama cewa wannan ya maye gurbin saƙon farko. Amsar farko da ta shigo daga wani dattijo ce da ke ƙarshen layinsu: "Sakatare, ashe kuɗi ake karɓa? Gobe bayan la'asar zan aiko yaro."